Tauraruwar Ernestine Ta Zo Kai Ƙasa

Tun ranar da katin Tauraruwa ya fito mata, Ernestine Prevost ta daina ajiye wayarta a jaka. Cikin rigar mama take cusa ta, ta gefen hagu, don kada masu busa ƙaho a bakin coci su hana ta jin shigowar saƙo. Wayar kan yi zafi, ta jiƙe da gumi, amma Ernestine ba ta damu ba. Cewa ta yi mai jiran baƙo ba ya nisa da ƙofa.

Duba take yi da katin tarot. Ta fi shekara ashirin tana kafa teburinta mai naɗewa a dandalin Jackson na New Orleans, jikin shingen ƙarfe, da kujeru biyu da laima da jan ƙyalle da take shimfiɗa katin a kai. Teburin da ke kusa da nata na Odessa Landry ne. Ita tafireta take ɗorawa, mai wucewa ya faɗi abin da ke ransa, ta buga masa waƙa nan take, ya ba ta abin da ya sauwaƙa. Da can malamar makaranta ce. Sun daɗe suna tsare wa juna tebur idan ɗaya za ta zaga, kuma rana ba ta faɗuwa ba su zagi sana'ar juna ba. Odessa kan ce tarot karta ce da ba a cin kowa sai wanda ya zo tambaya. Ernestine kan ce waƙoƙin Odessa surutu ne aka yanka gajere-gajere don ya cika takarda.

Saƙon da Ernestine take jira na yayarta ne, Paulette.

A watan Maris mahaifiyarsu ta rasu. Bayan an dawo daga binnewa aka taru a gidan Paulette cin abinci, ta fito da babbar tukunyar gumbo. Duk wanda ya tashi a garin ya san miyar nan da gari da mai take farawa, a tsaya a kansu ana juyawa a kan wuta har su yi duhu kamar cakulan, har hannu ya nemi cirewa. Ernestine ta kai cokali ɗaya baki ta ce wannan soyayyen garin na kwalba ne, na kanti. Ta rantse ba da ƙarfi ta faɗa ba, ɗakin ne ya yi shiru daidai lokacin. Fada limamin cocinsu ya ji, matan coci suka ji, har kurman kawunsu ya tambayi me aka ce aka maimaita masa. Paulette ta ajiye ludayi, ba ta tanka ba. Har yau ba ta tanka ba. Sau ɗaya Ernestine ta tura mata saƙo, "Har yanzu fushi kike?" Wayar ta nuna an karanta, shi ke nan.

Da wani lokaci ne da sai ta bar abin ya huce da kansa. To amma Oktoba ta zo ƙarshe, Ranar Dukan Tsarkaka ta ƙarato, ranar da kowane gida ke zuwa maƙabarta ya wanke ɗakin kabarin danginsa, ya shafe shi da farar ƙasa, ya ajiye furanni. Kowace shekara Paulette ce ke turo saƙo ta faɗi lokaci da abin da kowa zai riƙo. Bana Mama tana cikin ɗakin kabarin. Ernestine ta san jininsu. Gwaggonninsu biyu sun ɓata a kan keken ɗinki, suka mutu ba sa gaisawa, kuma yanzu suna kwance a ɗakin kabari ɗaya, ɗaya bisa ɗaya. Idan ranar nan ta wuce ba su je tare ba, ta san ita da Paulette sun hau wannan hanyar.

Shi ya sa wata safiya, kafin 'yan yawon buɗe ido su fito, ta ce Odessa ta zo ta zauna a kujerar masu tambaya. Ernestine ba ta yi wa kanta duba a kan abin da ya tsaya mata a rai. Ta sha gaya wa mutane cewa mai duba wa kanta kamar mai yi wa kanta aski ce, inda take so take gani. Don haka ta cuɗa katin saba'in da takwas da hannunta tana maimaita tambayar a zuci, ko Paulette za ta turo saƙo. Ta yanka shi kashi uku da hannun hagu, ta haɗe, ta baza shi a rufe a kan ƙyallen kamar mafici. Sai ta ce Odessa ta zaro ɗaya ta buɗe. Ita kuma ta runtse ido ta kira sunan Maryamu, don ba ta taɓa ganin laifin haɗa biyun ba.

Da ta buɗe ido sai ga Tauraruwa, ta goma sha bakwai a cikin manyan katuna ashirin da biyu, tana fuskantarta a miƙe. Yarinya tsirara a bakin tafki, gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙafa ɗaya a kan ruwa, tulu a kowane hannu, tana tsiyaya ɗaya cikin tafkin, ɗaya a kan tudu. Babbar tauraruwa a bisa kanta, ƙanana bakwai kewaye, tsuntsu a kan bishiya can baya.

Ernestine ta dafa ƙirji. Ta bayyana wa Odessa, wadda ba ta tambaya ba, cewa a jerin manyan katuna Tauraruwa tana bin bayan Hasumiya, wadda aradu ke faɗa wa mutane suna zubowa ta taga. Hasumiyar ita ce tukunyar gumbo. Abin da ke biye da ita kuwa samun sauƙi ne, da sanyin rai, da fata nagari. Idan tambayar ta i ko a'a ce, to an ce i. Odessa ta ce ita dai abin da ta gani yarinya ce da ke buƙatar zane, ta koma teburinta.

Daga nan jira ya fara. Wata rana tana yi wa wata amarya daga Ohio duba na kati uku, abin da ya wuce, abin da ake ciki, abin da ke tafe. Na tsakiya ya fito Takubba Uku, zuciya da takubba uku a soke. Ernestine ta sassauta murya tana cewa wannan ba mutuwar aure ba ce, magana ce mai ciwo da ba a cire ba, sai ƙirjinta ya hau kurma ihu yana rawa. Amarya ta zabura har giyarta ta zube, ta ɗauka iska ce ta sauka. Ernestine ta zura hannu cikin riga ta ciro waya a gaban ƙawayen amarya duka. Likitan haƙori ne yake tuna mata ranar zuwa.

Odessa tana gani. Komai a idonta ake yi, kuma abin da ba ta gani ba Ernestine ta ba ta labarinsa da bakinta, don ba ta iya riƙe magana idan kasuwa ta yi sanyi.

Ana gobe Ranar Dukan Tsarkaka dandalin kan cika da dare da masu bikin shigar fatalwa da mayu, amma da hantsi duk suna barcin giyar jiya, babu mai son duba, babu mai son waƙa. Ernestine tana jin tafiretar Odessa tana ta ƙaƙas-ƙaƙas alhali babu kowa a gabanta. Can Odessa ta zare takardar, ta taso, ta ajiye ta a kan jan ƙyallen, ta ce kyauta ce, kada ta saba.

Ernestine ta sa tabarau ta karanta.

Na ja Tauraruwa, jama'a, ku ba ni hanya,
yau sama ta san da zamana.
Na sa waya kusa da zuciya,
ta yi zafi, na ce ƙauna ce, ashe batir ne.

Ta motsa, likitan haƙori.
Ta motsa, ana neman ƙuri'ata.
Ta motsa, wani zai rage min inshorar mota,
ni da ko keke ban ajiye ba.
Kowa a garin nan ya san lambata
ban da wadda muka sha nono ɗaya.

Yarinyar katin tana reto kai ƙasa kamar jemage,
tsirara a gaban coci, ko a jikinta,
tulu a dama, tulu a hagu,
ruwan yana hawa sama, ƙasa tana kallo da ƙishi.

Yaya, miyarki ta kwalba ce, ban janye ba.
Amma na sha kwano biyu,
na uku a tsaye a kicin, na juya wa ƙofa baya,
ina kuka a ciki, gishiri ya yi daidai.

Ki rubuto ko zagi ne.
Ko "ke" kawai, da ɗigo.
Farar ƙasa tana jira, Mama tana jira,
ita babu inda za ta, ni ce gwiwa ke ciwo.

Sau biyu ta karanta. A na biyun da ta iso wurin kwano na uku sai ta tsallake shi ta nemi inda za ta kama Odessa da laifi. Ba ta sha wahala ba.

Ta fara da cewa wannan waƙar jahilci ce tun daga tushe. Duk wanda ya san kati ya san Tauraruwa ba katin saƙo ba ce. Masu kawo labari su ne 'Yan Aike huɗu, na kofuna, na sanduna, na takubba da na sulalla. Idan ana son labari mai sauri kuwa Sanduna Takwas ne, waɗanda ke tafe a iska kamar an harbo su. Tauraruwa ba ta da gaggawa, abu ne mai nisa da ake hangowa, har masu lissafin lokaci da ita sukan ce sai ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu.

Odessa ta ɗaga gira. "To, ke da kika san haka, me wayar take yi a nononki?"

Ernestine ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗora yatsa a baiti na uku ta ce wannan kuma ƙarya ce tsagwaronta. Yarinyar a miƙe ta zo, da idonta ta gani. Odessa ta ce ai ita daga wancan gefen teburin take zaune, abin da ta gani ta rubuta. Ernestine ta ce wannan ba hujja ba ce, kati daga gefen mai duba ake karanta shi, shi ya sa kujerarta ta fi tsada. Har ta buɗe baki za ta wuce zuwa laifi na gaba sai wani abu ya tsaya mata.

"Tsaya tukuna. Yaya kika buɗe shi?"

"Kamar ya yaya? Da hannu."

"Odessa, nuna min."

Ta zaro kati ɗaya ta kife shi a kan ƙyallen. Odessa ta zauna a kujerar masu tambaya tana gunaguni, ta kama bakin katin na kusa da ita, ta ɗaga shi ta wuntsila gaba, kamar mai buɗe shafin kalandar bango.

Ernestine ta cire tabarau a hankali.

Abu na farko da tsohuwar da ta koya mata aikin nan ta fara dukan hannunta a kai ke nan. Kati daga gefe zuwa gefe ake buɗe shi, kamar shafin littafi, don ya fito yadda ya kwanta. Idan aka wuntsila shi ta kai, wanda ya zo a miƙe sai ya koma kai ƙasa, wanda ya zo kai ƙasa ya miƙe. Ernestine tana cikin masu karanta katin da ya zo a juye, da gangan take jujjuya rabin katin idan tana cuɗawa. Tana raina masu duban da ke miƙar da kowane kati don kada mai tambaya ya ɓata rai, cewa take su masu sayar da alewa ne. Lissafin bai da wuya. In da a ce Odessa ta buɗe shi yadda ya kamata, da Tauraruwa kai ƙasa za ta zo mata. Ita kuwa lokacin idonta a rufe yake tana kiran Maryamu.

Ta gaya wa Odessa haka, da ƙarin wasu kalmomi game da malaman makaranta da ba su iya buɗe littafi ba. Odessa ta ce ba wanda ya ba ta horo, kuma in dai haka ne waƙarta ta fi mai katin gaskiya. Sannan ta gyara zama, ta harɗe hannu kamar mai tambayar da ta biya, ta ce a faɗa mata ma'anarsa.

Ernestine ta so ta ƙi. Amma bakinta ya riga ya saba, ya faɗi abin nan ga ɗaruruwan mata a wannan kujerar. Tauraruwa a juye ba ta nufin alherin ya tafi. Yana nan, an toshe shi ne. Mutum ya yanke ƙauna, ko kuma ya zauna yana mafarki yana kiran abin fata nagari. Takan ce musu su dubi yarinyar da kyau, ko a miƙe take ba sama take kallo ba. Taurari takwas a kanta, ba ta ɗaga ido ta dubi ko ɗaya ba, aikinta take yi, tana zuba abin da ke hannunta. Idan ta zo a juye, tulun na hannunki ne kika hana shi zuba.

Ta ji abin da ta faɗa, bai yi mata daɗi ba. Ta ce wannan duban ya lalace tun da hannun jahila ya shiga, sai an sake.

Odessa ta tuna mata allon da ke jingine a jikin teburinta, inda ta rubuta da hannunta cewa ba a maimaita tambaya ɗaya sau biyu. Ta tuna mata kuma abin da ta gaya wa wani ɗan Texas a makon da ya wuce, cewa kati ba uwarsa ba ce da zai yi ta naci har ta ce to. Ernestine ta ce ba sakewa za ta yi ba, na ƙarin bayani za ta ja, kuma wannan halal ne a kowace makaranta: idan kati ya zo da duhu ana jan ɗaya a ɗora a gefensa ya haska shi. Ta nemo Tauraruwa ta ajiye ta kai ƙasa, ta cuɗa sauran, ta yanka, ta zaro ɗaya da kanta, ta buɗe shi daga gefe tana kallon Odessa ido cikin ido don ta koya.

Kofuna Huɗu ne, a miƙe. Wani saurayi zaune a gindin bishiya ya harɗe hannu ya turo baki, kofuna uku a gabansa, ga wani hannu ya fito daga gajimare yana miƙo masa na huɗu, shi ko kallo bai ishe shi ba.

"Paulette ke nan," in ji Ernestine. "Har bakin."

"Wa ya yi tambayar?"

"Ni."

"To katin wa ke nan, malama?"

Ernestine ta dubi hannuwanta, ta ga a harɗe suke. Ta warware su. Ta ce ai ita ta miƙa hannu, ta tura saƙo. Odessa ta ce in "har yanzu fushi kike" shi ne miƙa hannu, to mari ma miƙa hannu ne.

Wani mai shigar ƙwarangwal ya wuce yana cin biredi da soyayyen jatan lande. Ernestine ta sake ɗaukar takardar ta ce dole a cire kwano na uku, wannan sirri ne ta faɗa a matsayin ƙawa. Odessa ta ce ba ta gyara waƙa bayan ta fita daga tafireta, kuma duk takardar wannan layin ne kaɗai ya cancanci tawada. Ta ƙara da cewa Ernestine ta ɗauki hoton waƙar ta tura wa Paulette, ba sai ta rubuta komai ba. Ernestine ta ce Paulette ba ta buɗe hoto, tun da aka ce mata ta nan ɓarayi ke shiga waya.

Ta jima zaune tana kallon katin biyu. Sannan ta tattara su, ta naɗe cikin jan ƙyallen, ta sa a jaka, ta ninke takardar. Ta ce wa Odessa ta tsare mata tebur, kuma kada ta kuskura ta yi wa kowa duba.

Bas ya sauke ta a unguwar Gentilly rana tana tsaka. Gidan Paulette yana nan yadda yake, da mutum-mutumin Maryamu a tsakar ciyawa da tsintsiya a jingine a baranda. Ƙofar katako a buɗe take, ta raga ce a sakace. Ernestine ta ƙwanƙwasa. Ta ji an rage ƙarar talabijin, ta ji takun silifa, sai ga Paulette a bayan raga, da rigar zaman gida, gashi a ɗaure. Ta rame. Ta tsaya tana kallon ƙanwarta kamar mai kallon wanda ya zo tallar addini.

"Yaya, ina wuni."

Paulette ta ci gaba da kallonta, ba ta tafi ba.

Duk abin da Ernestine ta shirya a cikin bas ya gudu. Sai ta warware takardar ta ce an rubuta wani abu da sunanta, ba ita ta rubuta ba, kuma akwai kurakurai a ciki, amma za ta karanta. Da muryar aiki ta fara, wadda take jawo masu wucewa da ita, har maƙwabcin da ke wanke mota ya kashe famfo. A wurin inshorar mota ta ga gefen bakin Paulette ya motsa ya koma. A wurin yarinya tsirara Paulette ta yi alamar gicciye. Da ta iso "ta kwalba ce, ban janye ba" sai ta ga hannun yayarta ya kama ƙofar katako zai turo, don haka ta yi sauri ta afka layi na gaba, ta yi tuntuɓe a kwano na uku, muryar aikin ta watse ta bar ta da tata. Da ita ta ƙarasa, a hankali, har gwiwa mai ciwo.

Hannun Paulette yana kan ƙofar, bai tura ba.

"Wa ya rubuta miki wannan?"

"Odessa. Mai tafireta."

"Wato har 'yan titi sun san miyata."

"Ita kaɗai ce, Yaya."

"Da wannan," in ji Paulette, ta nuna mai wankin mota da haɓa. Mutumin ya kunna famfo da sauri.

Sannan ta ɗago hannuwanta biyu ta kara su a jikin raga. Ernestine ta ga gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun karkace, babban yatsan dama ko lanƙwasuwa ba ya yi. Paulette ta ce i, ta kwalba ce. Ta ce wata nawa tana ɗaga Mama tana kwantarwa, tana wanke ta, tana juya ta, da waɗannan hannuwan, ranar binnewa ko maɓallin rigarta sai maƙwabciya ce ta sa mata. Da ta tsaya juya gari a kan wuta da cokalin ya faɗa cikin tukunya. Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai karanta sanarwa a coci. Ta ce ta ɗauka mai ganin gaibu za ta ga abin da ke gabanta a kan tebur.

Ernestine ta nemi abin cewa. Abin da ya fito shi ne, "Ban duba ba."

"Na sani."

"Yi haƙuri, Yaya."

Paulette ta ce ta ji. Ta ce saƙon da aka turo mata kuwa ta karanta shi, ta nuna wa Fada, shi ma ya yarda ba tambaya ba ce da ke da amsa. Kuma ita ce babba, ba ta ga dalilin da za ta bi yarinyar da ta goya da rubutu a waya ba, da wane yatsa ma. Ta ce farar ƙasa tana bayan gida tun makon jiya, ta sa an kawo, amma ba ta iya riƙe buroshi, tana ta tunanin ko ta ɗauki ɗan maƙwabta haya ya shafe kabarin uwarta kamar marar dangi.

"Ni zan shafa," in ji Ernestine. "Ke ki zauna ki ba da umarni. Ai kin iya."

"Za ki bar tabo. Kullum kina barin tabo ta wajen sunan Baba."

"Sai ki nuna min."

Paulette ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan takalmanta. Ta ce gobe da sassafe za su fita, kafin rana ta yi zafi, kuma in Ernestine ta koma gidanta yau ta san ba za ta tashi da wuri ba, don haka gara ta kwana a nan, a kan doguwar kujera, ba a gadon Mama ba. Ta kai hannu ga sakatar ƙofar raga. Yatsun suka zame. Ta sake gwadawa suka sake zamewa. Ernestine tana tsaye a waje tana kallo, ta cije leɓe ba ta ce komai ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. A karo na uku Paulette ta sa gefen tafin hannu ta buge sakatar ta fita.

"Ki cire takalman nan a waje," in ji ta, ta juya ta nufi ciki. "Yanzu aka goge min ƙasa, kuma Allah kaɗai ya san abin da kike takawa a dandalin nan."